Yadda ake duba launin fata da Vectorscope bayan an gama gyaran kala

Ranar da na fara ɗaukar wannan ma'auni da muhimmanci, yayar wata amarya ce ta sa. Na kwana biyu ina gyaran kalar bidiyon kamu, na aika mata guntu ta waya, sai ta kira ta ce, "Malam, ƙanwata lafiyarta ƙalau ranar bikin nan, me ya sa ta zama kamar mai shawara?" Na koma na kalli sikirin ɗina, ni dai ban ga komai ba. Sai da na tashi na yi sallah na sha shayi na dawo, sannan na ga abin da take nufi: fuskar ta yi rawaya-rawaya har da ɗan kore a haɓa.

Ido yana sabo. In ka zauna gaban hoto mai ɗan kore na minti ashirin, ƙwaƙwalwa za ta share koren ta nuna maka komai daidai ne. Ma'auni ba ya sabo, shi ya sa ake tambayarsa. Zan yi bayanin da DaVinci Resolve saboda da shi nake aiki, kuma na kyautarsa ma yana da duk abin da za mu taɓa. Mai Premiere Pro zai sami irin ma'aunin a cikin `Lumetri Scopes` da sunan `Vectorscope YUV`, karatunsu ɗaya.

Karanta faifan

Ka shiga shafin `Color`, ka buɗe `Scopes`, ka zaɓi `Vectorscope`. Za ka ga da'ira kamar faifai, da wani hazo mai haske a tsakiya. Abu biyu kawai faifan yake faɗa. Inda hazon ya nufa shi ne irin launin. Nisan da ya yi daga tsakiya shi ne ƙarfin launin. Fari da baƙi da ruwan toka duk a cibiya suke taruwa, domin ba su da launi. Haske kuwa ba ruwansa da shi: ba zai gaya maka fuska ta yi duhu ko ta ƙone ba, wannan aikin `Waveform` ne.

A gefen faifan akwai ƙananan akwatuna shida, kowanne da harafinsa. Biyu ne namu: `R` na ja, wanda yake sama, ɗan hagu da ƙarfe 12 in ka ɗauki faifan a matsayin agogo, da kuma na rawaya, wanda yake can hagu kusa da ƙarfe 9. Tsakaninsu fatar mutum take zama. Ka latsa saitin ma'aunin ka kunna `Show Skin Tone Indicator`. Wani siririn layi zai fito daga tsakiya ya nufi wajen ƙarfe 11, a kusurwar digiri 123. A nan kuma ka kunna `Show 2x Zoom`, domin launin fata ba ya nisa da cibiya, in ba a ninka girman ba sai ka yi ta ƙanƙance ido.

Layin nan gadon talabijin ne. Ya samo asali daga tsarin kala na NTSC da Amurka ta amince da shi a 1953, injiniyoyi kuma suka lura fuskokin mutane a kusa da shi suke faɗawa. Tambayar da kowa yake yi a nan ita ce: to ai don Turawa aka yi shi, ina ruwansa da fatarmu? Amsar ita ce abin da ya fi bambanta baƙi da wankan tarwaɗa da fari shi ne yawan hasken da fatar take mayarwa, ba irin launin ba. Ƙwayar launin da take sa fata duhu ruwan ƙasa ce, jinin da ke ƙarƙashinta ja ne, kuma ruwan ƙasa ba komai ba ne illa ruwan goro da aka rage wa haske. Don haka Bafulatana fara sol da baƙin Bakano dukansu kusa da layin za ka same su. Kusa na ce, ban ce a kai ba. Wani zai karkata wajen ja, wani wajen rawaya, kuma haka Allah ya halicce su. Layin shaida ne, ba alƙali ba.

Abin da za ka riƙe a ka: in hazon fatar ya kauce dama da layin, wajen ƙarfe 12, fuskar ta yi ja ko ruwan hoda, kamar wanda yaji ya kama. In ya kauce hagu, wajen ƙarfe 9, ta yi rawaya, in ya ƙara gaba ta shiga kore, kamar mara lafiya. Ido ya fi haƙuri da ɗan ja a kan ɗan kore. In dole ne ka yi kuskure, yi shi wajen ja.

Kafin ka auna

Ka tabbata hoton ya riga ya koma `Rec.709`, wato tsarin kala na bidiyon da aka saba kallo a talabijin da waya. In ka ɗauka da `S-Log3` ko wani irin log, wato ɗaukar da ke fitowa a dusashe don a gyara daga baya, ba ka juya shi ba, launukan za su dunƙule a tsakiyar faifan, duk abin da ka karanta ƙarya ne. Ka juya da `Color Space Transform` ko LUT ɗin kamfanin kamarar tukuna, wato fayil ɗin da ake ɗorawa ya sauya kalar hoto.

Mataki na farko: ware fatar ita kaɗai

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata. Suna kallon faifan alhali dukan hoton yana ciki, ga jan gyale, ga leshi ruwan gwal, ga katangar jar ƙasa, ga kujerun katako. Duk waɗannan a kusa da layin fata suke faɗawa, sai mutum ya ga hazo kwance a kan layi ya ce alhamdulillahi, ashe katanga ya auna.

Ka zaɓi nod na ƙarshe a jerinka, wato akwatunan gyara da aka jera a shafin `Color`, ka danna `Alt+S` don ƙara sabo a bayansa. Wannan nod ba na gyara ba ne, na dubawa ne kawai, ni har suna nake sa masa don kada in manta in yi gyara a ciki. Ka shiga `Window`, ka zaɓi da'ira, ka ƙanƙanta ta ka ɗora a kumatu ko goshi. Sai ka danna `Shift+H`. Duk abin da ke wajen da'irar zai koma ruwan toka, kuma tunda ruwan toka ba shi da launi, abin da ya rage a faifan fatar ce zalla.

Dalilin da ya sa na ce a ƙarshe: in ka kunna `Shift+H` a kan nod da yake tsakiyar jeri, abin da za ka gani hoton ne kamar yadda yake a wannan matsayi, ba tare da gyaran da ke gaba ba. Kai kuwa fuskar da mai kallo zai gani kake son aunawa.

Wurin da ka ɗora da'irar yana da muhimmanci ƙwarai, musamman ga baƙar fata. Baƙar fata tana da sheƙi, kuma sheƙin nan ba launin fatar ba ne, launin fitilar ne ko na sama. Ka ɗauki mutum a waje da hantsi, ƙyallin goshinsa da karan hancinsa zai yi shuɗi-shuɗi saboda sararin sama yake mayarwa kamar madubi. In ka auna nan, faifan zai nuna fatar ba ta da launi ko ta kauce, ka shiga ƙara ruwan goro har ka lalata sauran fuskar. Ka nemi wurin da haske ya sauka daidai, babu ƙyalli babu inuwa: ƙasan ƙashin kumatu, ko gefen goshi. Ka guji leɓe, gemu, ƙarƙashin ido, da gefen da ke maƙwabtaka da mayafi mai launi.

Ga amarya kuma akwai ƙarin aiki, domin abin da ke kumatunta hoda ce da jan kumatu, ba fata ba. Ka auna fuska, sannan ka ja da'irar zuwa wuya ko damtse ka sake aunawa. Bayan hannu ba ya amfani in an yi lalle. In fuska da wuya sun bambanta tun a ɗanyen hoto, aikin mai kwalliya ne, ba laifin kalarka ba, kuma ba a ɗora maka gyara shi ba sai in an roƙe ka.

Mataki na biyu: gano wanda ya ɓata

Yanzu ka kalli inda hazon yake, ka riƙe a ranka. Sai ka bi nod-nod ɗinka ɗaya bayan ɗaya kana kashewa da `Ctrl+D` kana dawowa nod na dubawa kana kallo. Abin da kake nema shi ne wurin da fatar ta bar layi. Ko dai tun daga kamara ta zo a karkace saboda hasken wurin, ko kuwa salon kalar da ka ɗora ne ya ture ta. Maganin kowanne daban, kuma wanda ya haɗa su zai sha wahala.

Bari in koma bidiyon kamun nan, don a ga abin a aikace. An yi shi a tsakar gida bayan la'asar, ƙarƙashin rumfar tamfol kore. Rana tana ratsa tamfol ɗin tana sauka a kan kowa. Da na kashe duk gyaran salo na bar juyin `Rec.709` kawai, hazon kumatun amarya ya riga ya kwanta hagu da layi, kusan rabin hanya zuwa akwatin rawaya. Na ɗauke da'irar na ɗora a kan farar hular wani dattijo da ke zaune a rumfar. Farin abu ya kamata ya zauna a cibiya, amma nasa ya zame ƙasa ta hagu, wajen `G`. Wannan ya nuna mini matsalar ba ta fata ba ce, hasken ne gaba ɗaya yake da kore. Sannan na kunna LUT ɗin da na ɗora, irin mai sa inuwa ta yi shuɗi mai kore-kore. Hazon ya ƙara zamewa hagu, ya kuma matso kusa da cibiya. Ɓarna biyu ke nan a kan fuska ɗaya.

Me ya sa irin wannan salo yake cin baƙar fata fiye da fara? An gina shi ne a kan cewa fuska tana cikin sashen haske, inuwa kuma bango ne da tufafi, sai a ɗumama sama a sanyaya ƙasa. To fuskar baƙin mutum, a kan `Waveform`, sau da yawa a ƙasan tsakiya take zama, wani sashenta ma a cikin abin da LUT ɗin yake ɗauka inuwa ne. Sai shuɗin da aka tanadar wa bango ya sauka a kumatu. Shuɗi mai kore kishiyar ruwan goro ne a kan faifan, suna fuskantar juna, don haka ƙara ɗaya yana kashe ɗaya. Shi ya sa fuska take fitowa kamar an shafa mata toka.

Mataki na uku: gyara hasken tukuna

In farin abu ya bar cibiya, ka koma nod ɗin daidaita haske na farko, kafin salo, ka gyara can. A `Primaries` akwai `Temp` da `Tint`. Ga kore, ka tura `Tint` wajen ruwan hoda kaɗan-kaɗan. Ko ka yi amfani da ƙwallon `Offset`, wanda na fi so, domin an jera launukansa daidai da faifan: inda ka ja ƙwallon, nan hazon zai bi. Na ja shi sama ta dama, nesa da kore, har farar hular ta koma cibiya. Da na mayar da da'irar kumatun amarya, hazon ya dawo da kansa ya tsaya dab da layi ta hagu. Ban taɓa fatar ba ko kaɗan.

Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye gyaran fata zai sami fuska daidai a cikin duniya kore, fararen kaya kore, haƙora kore, kuma mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba.

Sai dai kada ka wanke hasken da labari ne ya kawo shi. In an ɗauki mutum gaban murhu, ko da almuru rana ta yi ja, ko a ɗakin taro da aka kunna fitilu masu launin shunayya, fatar za ta bar layi, kuma daidai ne ta bari. Mai kallo yana ganin wutar, ya san dalilin jan. Haka hazon hunturu: yana kashe launi ya sa komai fari-fari, in ka matsa sai ka dawo da fatar kamar ta damina, hoton zai yi ƙarya. Koren tamfol kuwa babu wanda ya gayyace shi.

Mataki na huɗu: ƙwato fatar daga salon

Hanya mafi sauƙi ita ce rage ƙarfin salon. Ka zaɓi nod ɗin LUT, ka shiga `Key`, ka sauke `Gain` na `Key Output` daga 1.000 zuwa wajen 0.500 ko 0.600. A bidiyon kamun, wannan ya dawo da rabin launin da ya gudu.

In bai isa ba, ka ƙara nod bayan salon, ka shiga `Curves` ka zaɓi `Hue Vs Hue`. Ka latsa kumatu a kan hoton, zai sa maka ɗigo uku a kan layin, na tsakiya shi ne launin fatar. Ka ɗan buɗa na gefe biyun don gyaran ya bi a hankali, sannan ka motsa na tsakiya sama ko ƙasa kana kallon faifan, ba hoton ba. Motsin ƙanƙane ne, kamar kaurin gashi. Za ka ga hazon yana juyawa kamar hannun agogo. Da ya taɓa layi ka tsaya. Illar wannan hanya ita ce duk abin da yake da launin fata zai juya tare da ita, har leshi ruwan gwal da ƙofar katako. Yawanci ba wanda zai lura. Amma in anko ne da kowa ya san launinsa, ka duba shi kafin ka wuce, don mata ba sa yafe wannan.

Hanya ta uku ita ce ware fata da `Qualifier`, kuma na bar ta ƙarshe da gangan. Ana zaɓar fatar daga hoton da aka daidaita haskensa amma ba a sa masa salo ba, a ɗora ta a kan salon ta hanyar `Layer Mixer`, inda nod na ƙasa shi yake hawa sama. Tana aiki, amma tana da haɗari biyu. Na farko, in kamararka 8-bit 4:2:0 take ɗauka, kamar ƙananan kamarori da wayoyi da dama, bayanan launin kaɗan ne, a baƙar fata cikin ƙarancin haske kuma sun fi ƙaranci. Zaɓin zai riƙa rawa, gefen fuska yana tsatsa kamar tururuwa. A tsayayyen hoto ba za ka gani ba, sai ka kunna bidiyon. Ka ƙara `Denoise` da `Blur Radius`, ka kewaye fuskar da `Window` ka bi ta da `Tracker` don kada zaɓin ya kama katanga. Na biyu, in ka dawo da fatar ɗari bisa ɗari, fuskar za ta zama kamar an yanko ta daga wani hoto an manna. Ka sauke `Key Output` na nod ɗin fatar zuwa wajen rabi, ka bar ɗan sanyin wurin ya taɓa ta, tunda a wurin mutumin yake zaune.

Ƙarfin launi, da faɗin hazon

Layin yana nuna hanya ne kawai, bai ce ga inda za a tsaya ba. Fata tana iya kwanciya a kan layi sarai amma ta yi nisa har ta zama ruwan lemo, kamar an shafa manja. Ni ma'aunina, in na kashe `Show 2x Zoom`, hazon fatar yana kaiwa kamar kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa nisan akwatunan, ba na barin ya wuce rabi. Fata mai duhu sosai takan tsaya kusa da cibiya fiye da wankan tarwaɗa, kada ka ja ta da ƙarfi don ta kamo ta. In kana son ƙari ko ragi, `Hue Vs Sat` ya fi ƙullin `Sat` na gaba ɗaya, wanda zai kumbura jan gyale tare da fuskar.

Akwai kuskuren da masu sabon sanin ma'aunin suke yi, ni ma na yi shi: matse hazon har ya zama siririn zare a kan layi. Fuska ta gaske ba launi ɗaya ba ce. Kumatu da kunne sun fi ja, goshi ya fi rawaya, kewayen baki ya fi duhu. In ka faɗaɗa da'irar ta rufe fuskar duka, abin da ya kamata ka gani ɗan gajimare ne mai faɗi da ya hau layin, wani sashe dama wani hagu. In ya zama zare, fuskar ta koma ta 'yar tsana.

Haka in mutum biyu suna hoto ɗaya. Ango baƙi, amarya fara, kada ka tilasta su su faɗa wuri guda. In shi yana ɗan dama da layi ita tana ɗan hagu, layin ya ratsa tsakaninsu, ka gama. Kuma in fuskar angon ta yi duhu, faifan ba zai gaya maka ba, ka koma `Waveform` ka ɗaga tsakiyar haske kaɗan. Ɗagawa don a ga ido da murmushi daban, mayar da baƙin mutum wankan tarwaɗa daban. Danginsa sun san kalarsa.

Daga ɗauka zuwa ɗauka

Da ka gamsu da fuska ɗaya, ka danna dama a kan hoton ka zaɓi `Grab Still`. Wannan ya zama abin kwatance. Duk ɗaukar da mutumin ya sake fitowa a wuri ɗaya, ka kwafa nod ɗin dubawa, ka ɗora da'irar a daidai wurin da ka auna da farko, kumatun hagu in kumatun hagu ne, ka ga ko hazon ya faɗa inda na farko ya faɗa, kusurwa da nisa. Nan za ka kama bambancin kamara biyu, wanda a biki kusan kullum akwai shi: ɗaya tana jan fata wajen ja, ɗayar wajen rawaya, in an yanka daga wannan zuwa waccan sai amarya ta riƙa canza kala kamar hawainiya.

Kafin ka fitar da aikin, ka kashe `Shift+H`, ka kashe nod ɗin dubawa. Ka tashi daga gaban sikirin na minti goma, ka dawo ka kalli fuskar da sabon ido. Sannan ka fitar da daƙiƙa talatin ka tura wa wayarka ta WhatsApp, domin ta nan mafi yawan masu biki za su kalla, kuma matsewar da yake yi wa bidiyo takan fito da dabbare-dabbaren da `Qualifier` ya bari a inuwar fuska. Ka kashe saitin kare ido na wayar kafin ka kalla, wanda yake sa sikirin ya yi rawaya da dare, in ba haka ba za ka koma ka gyara abin da bai ɓaci ba.